Takardar bashi ɗaya, farashin canji uku: me ya sa cinikin watan jiya yake sauyawa a rahoto?

Ranar 1 ga Afrilu rahoton wata ya shigo da kansa da safe kamar kullum, ya ce cinikin Maris yuro 49,090.91 ne. An kai wannan adadi taro, an yi magana a kansa, an wuce. Bayan sati uku mai kamfanin ya sake buɗe rahoton Maris ɗin don ya duba wani abu dabam, sai ya tarar da 49,523.81. Babu wanda ya ƙara ciniki a Maris, babu wanda ya soke, wata ya riga ya mutu. To daga ina yuro ɗari huɗu da ɗoriya suka ɓullo?

Duk wanda ya taɓa haɗa rahoto wa kamfani mai sayar da kaya da kuɗi iri biyu ya san wannan ciwo, kuma kusan kullum tushensa ɗaya ne. Manhajar tana ajiye cinikin dala a matsayin dala, sai lokacin fitar da rahoto ta leƙa farashin canji na ranar da ake ciki, ta juya komai da shi. Yau farashi ya motsa, tarihi ya motsa tare da shi. Abin da ya fi ɓata rai shi ne, a misalin nan duka adadin biyu kuskure ne. Adadin gaskiya 49,259.26 ne, kuma bai taɓa fitowa a allon kowa ba.

Bari mu bi lissafin daki-daki. Lambobin misali ne na zaɓa don su yi sauƙin bi. Kamfanin yana rubuta littattafansa da yuro, yana sayarwa da yuro da kuma dala. A Maris ya yi cinikin yuro 40,000 kai tsaye, sannan ranar 5 ga wata ya sayar wa wani abokin ciniki kaya na dala 10,000, bashi, za a biya nan gaba. A ranar, yuro ɗaya yana daidai da dala 1.08. Ka raba 10,000 da 1.08, ka sami yuro 9,259.26. Wannan shi ne cinikin, kuma daga wannan rana ya daskare. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya da ake kira IAS 21 haka ta tanada: ana rubuta mu'amalar kuɗin waje da farashin ranar da aka yi ta. Haɗa shi da 40,000, ga 49,259.26 ɗinmu.

Amma labarin takardar bai ƙare ba, domin har yanzu ba a biya ba. Ranar 31 ga Maris, da akanta ya zo rufe wata, yuro ya yi ƙarfi ya kai dala 1.10. Mutumin nan dala 10,000 ake binsa, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, sai dai in ka auna ta da yuro yau 9,090.91 ce kawai. Bashin da ake bin mutane, da kuɗin da ke zaune a asusun dala, da bashin da ake bin kamfani da dala, duk ana sake auna su da farashin ranar rufe wata. Saboda haka darajar bashin a littafi ta sauka da yuro 168.35. Wannan ragin asara ce ta canji, wadda ba ta tabbata ba tukuna tunda kuɗin bai shigo hannu ba, kuma layinta dabam ne a rahoto. Ba ta da hurumin taɓa layin ciniki. Rahoton 1 ga Afrilu ya ɗauki wannan farashin 1.10 ya shafa wa cinikin kansa, shi ya sa ya nuna 49,090.91, wato ya cusa asarar canji cikin ciniki ya ɗora wa masu talla laifin da ba nasu ba.

Ranar 20 ga Afrilu mutumin ya biya. Yanzu dala ce ta farfaɗo, yuro ɗaya dala 1.05. Dala 10,000 ta zama yuro 9,523.81. In ka kwatanta da yadda aka bar bashin a ƙarshen Maris, an sami ribar canji ta yuro 432.90, kuma ta Afrilu ce, a littafin Afrilu za ta zauna. Cire asarar Maris daga ciki, 432.90 ban da 168.35, saura 264.55, wanda shi ne daidai bambancin da ke tsakanin ranar sayarwa da ranar biya. In lissafinka bai rufe a haka ba, akwai inda aka yi amfani da farashin da ba na wurin ba.

Takarda ɗaya ke nan ta haɗu da farashi uku, na ranar sayarwa, na ranar rufe wata, da na ranar biya, kowanne da tambayar da yake amsawa. Na farko yana cewa nawa muka sayar. Na biyu yana cewa nawa abin da muke bi ya kai yau. Na uku yana cewa nawa ya shigo. Rahoton da ke da gurbi ɗaya tak mai suna "farashin canji" ba zai iya amsa tambaya uku da shi ba, ko da wane farashi aka zuba a ciki.

Akwai ma na huɗu, wanda mai kamfani ya fi saurin ji a jikinsa. Farashin da ake bugawa a shafukan bayanai na tsakiyar kasuwa ne, tsakanin na saye da na sayarwa, kuma babu bankin da zai canja maka kuɗi a kansa. In a ranar 20 ga watan aka juya dalar nan zuwa yuro, banki ya ba da 1.06 maimakon 1.05, abin da zai faɗo asusu 9,433.96 ne. An rasa yuro 89.85 a hanya. Wannan kuɗin canji ne da banki ya ci, kuma ina ganin ya cancanci layinsa shi kaɗai, domin a ƙarshen shekara shi ne adadin da za ka riƙa a hannu ka je neman ragi ko ka sauya banki. In aka narkar da shi cikin riba da asarar canji, ba wanda zai ƙara ganinsa.

Gyaran kuwa ba a rahoton ake yinsa ba, a wurin ajiyar bayanai ne. Kowace mu'amala, a lokacin da aka rubuta ta, ta tafi da kayanta a jikinta: adadin asali, lambar kuɗin da aka yi ta da shi, farashin da aka yi amfani da shi, ranar wannan farashin, inda aka samo shi, da adadin da ya fito bayan juyawa. Lambar kuɗin ta zama ta tsarin ISO 4217, `USD` da `EUR`, domin alamar `$` kaɗai ƙasashe da yawa ne ke amfani da ita, Kanada da Ostareliya ma dala suke kiran kuɗinsu. Daga nan aikin rahoto tarawa ce kawai, ya haɗa adadin da aka riga aka juya, ba ya sake juya komai. Teburin farashin kuma a riƙa ƙara masa sabon layi kowace rana, kada a goge na jiya a rubuta na yau a kansa. Na ga inda duk wannan fitina ta samo asali daga gida ɗaya a takardar lissafi, wanda wani ke sabuntawa da hannu duk Litinin, dukan shafukan shekara kuma suna kallonsa.

Sai tambayar wane farashi ne "na ranar". Nan ne aiki yake.

A ɗauki farashin da Babban Bankin Turai ke bugawa, tunda kyauta ne, yana nan tun 1999, kuma da yawa daga masu hulɗa da yuro shi suke ɗauka. Sau ɗaya yake fita a rana, wajen ƙarfe huɗu na yamma agogon tsakiyar Turai, kuma a ranakun aiki kawai. Babu na Asabar, babu na Lahadi, babu na 1 ga Janairu, da Juma'ar Ista da Litinin ɗinta, da 1 ga Mayu, da 25 da 26 ga Disamba. Shi kuwa shagon intanet ba ya hutu. Abin da ke faruwa ga mai haɗa rahoto da bai lura ba shi ne, ya haɗa teburin ciniki da teburin farashi a kan sharaɗin rana ta yi daidai da rana. Cinikin Asabar ya nemi farashin Asabar bai samu ba, sai layin ya faɗi daga sakamako gaba ɗaya, shiru, ba kuskure ba gargaɗi. A wata manhajar kuma gurbin da babu komai sai ya koma sifili, ko ya koma 1, dala ta zama yuro ido da ido. Alamar wannan ciwo a bayyane take ga mai dubawa: ka jera cinikin dala bisa ranakun mako, in ka ga ƙarshen mako fayau alhali cinikin yuro yana nan, ka kama ɓarawon.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki farashi na ƙarshe da aka buga a ranar ko kafin ranar:

```sql
SELECT rate_date, usd_per_eur
FROM rates
WHERE rate_date <= :sale_date
ORDER BY rate_date DESC
LIMIT 1;
```

Cinikin Asabar da Lahadi zai ɗauki farashin Juma'a, ba laifi. Sai dai wannan maganin yana da nasa dafin. Ranar da hanyar ɗauko farashi ta mutu, kalmar sirri ta ƙare ko an sauya adireshi, tambayar SQL ɗin nan ta sama ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta ci gaba da miƙo farashin ƙarshe da ta gani, sati ɗaya, wata ɗaya, rahoto yana fita tsaf-tsaf kowace safiya. Shi ya sa na sa ta dawo da `rate_date` tare da farashin, don a auna tsufansa. A kalandar Babban Bankin Turai, mafi tsawon giɓi na halal kwana huɗu ne, kamar lokacin Ista, inda farashin Alhamis ke aiki har Litinin. In farashi ya wuce kwana huɗu da tsufa, rahoton ya tsaya ya aika saƙo ga mai kula da shi. Gara a wayi gari babu rahoto, wani ya buga waya yana faɗa, da a sami rahoto mai kyan gani da farashin watan jiya a cikinsa.

Akwai kuma maganar lokaci. Cinikin da aka yi ƙarfe tara na safe ba shi da farashin ranar tukuna, sai yamma zai fito. Ko dai a ce kullum farashin ranar aiki da ta gabata za a ɗauka, ko kuma a bar layin ba a juya ba har dare, wani aiki na daban ya bi ya cike. Duka biyun suna tafiya. Abin da ba ya tafiya shi ne manhajar sayarwa ta bi ɗaya, rahoto ya bi ɗayan, a wayi gari akanta da mai rahoto suna musu a kan yuro goma sha biyu. Haka ma agogon da ake yanke rana da shi: cinikin ƙarfe goma na daren 31 ga wata a gabashin Amurka ya riga ya zama 1 ga sabon wata a Turai. A zaɓi agogo ɗaya, a rubuta shi inda kowa zai gani.

Kuskure na gaba ya fi kowanne kama da wasa, amma yana kama ƙwararru, wato ninkawa a inda ya kamata a raba. A kasuwa ana rubuta `EUR/USD 1.08`, ma'ana yuro ɗaya dala 1.08. Mai dala da ke neman yuro rabawa zai yi. In ya ninka, dala 10,000 za ta zama 10,800 maimakon 9,259.26. Da kuɗi biyun suna da nisa da juna, kamar dala da yen na Japan, ido kaɗai zai kama shi nan take. Tsakanin dala da yuro kuwa adadin yana kama da gaskiya. A Yulin 2022, lokacin da yuro ya sauko ya yi kai ɗaya da dala karo na farko cikin kusan shekara ashirin, wanda ya rubuta lissafinsa a juye ba zai ga komai ba, domin ninkawa da 1.00 da rabawa da 1.00 abu ɗaya suke bayarwa. Sai farashi ya yi nisa kuskuren ya fara girma. Don haka kada a sa wa gurbin suna `rate` kawai. A kira shi `usd_per_eur`, sunan da kansa ya faɗi ta ina ake shiga. Kuma a ajiye farashin da cikakkun lambobinsa yadda aka buga shi, kada a juya shi a taƙaita. Lokacin da aka kafa yuro, dokar Tarayyar Turai ta kafa farashin tsofaffin kuɗaɗe da lambobi shida, misali yuro ɗaya mak 1.95583 na Jamus, ta hana taƙaita su, ta kuma hana amfani da juyayyen farashi, saboda wannan dalilin.

Taƙaita lambobi ba zan daɗe a kansa ba, amma a ga girmansa. Ciniki dubu na dala ɗaya-ɗaya a farashin 1.08: in ka juya kowanne ka taƙaita zuwa santi, 0.93 sau dubu, yuro 930.00. In ka tara dala dubun ka juya sau ɗaya, 925.93. Bambancin 4.07 ne, kuma babu wanda ya yi sata. A yanke hukunci a wane mataki ake taƙaitawa, mafi yawa a kan kowace takardar bashi, tunda ita ce ke shiga littafi, sannan rahoto ya tara waɗannan. Kuɗi kuma a ajiye shi a gurbi irin `DECIMAL`, domin a lambobi irin `float` ko `0.1 + 0.2` ba ya ba da 0.3 cif, `0.30000000000000004` yake bayarwa.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mene ce, me zai hana a ɗauki matsakaicin farashin wata a juya komai da shi? IAS 21 ta yarda da haka, da sharaɗin farashi bai yi tsalle sosai a cikin lokacin ba. Amma matsakaici yana ɗauka cewa ciniki ya bazu daidai a cikin wata, kuma ba kasafai yake bazuwa ba. A ce an sayar da kayan dala 90,000 a ranar da farashi yake 1.05, da na dala 10,000 a ranar da yake 1.11. Matsakaicin biyun 1.08 ne, wanda zai ba da yuro 92,592.59. In ka juya kowanne da farashin ranarsa, 85,714.29 da 9,009.01, jimla 94,723.30. Sama da yuro dubu biyu sun ɓace. Ga kamfani mai ƙananan ciniki dubbai a kowace rana, matsakaici bai cika yin ɓarna ba. Ga wanda kwangila biyu ko uku ke ɗauke da watansa, bai dace ba sam. Sannan akwai ranakun da matsakaici ba ya da ma'ana ko kaɗan, irin 15 ga Janairun 2015, da Babban Bankin Suwizalan ya janye ƙa'idarsa ta hana yuro sauka ƙasa da 1.20 na faran, kuɗin ƙasar, faran ya yi tashin gwauron zabo cikin mintoci. Tunda na'ura ce ke yin aikin, kuma juya layi dubu ɗari bai fi mata juya layi ɗaya wahala ba, ban ga dalilin ƙin amfani da farashin kowace rana ba.

Akwai wuri ɗaya da ake juya tsohon ciniki da wani farashi da gangan, kuma halal ne, wato wajen kwatanta bana da bara. Matsakaicin yuro a 2021 ya kai kusan dala 1.18, a 2022 ya sauko kusan 1.05. Kamfanin da ya sayar da kayan dala 100,000 a kowace shekara, ba ƙari ba ragi, littafinsa na yuro zai nuna kusan 84,700 a shekarar farko da kusan 95,200 a ta biyu. Ƙarin kashi 12 cikin ɗari ke nan, alhali ko kwali ɗaya ba a ƙara sayarwa ba. Adadin daidai ne a wajen akanta, amma wanda ke son sanin ko kasuwa ta buɗe zai ruɗe da shi. Sai a ƙara shafi na biyu inda aka juya shekarun biyu da farashi guda, a rubuta a samansa ƙarara wane farashi ne. Shafi ne na kwatance, yana zama kusa da adadin littafi, ba ya maye gurbinsa.

Yadda za ka gane ko rahotonka yana da lafiya ba ya buƙatar kayan aiki na musamman. A ranar rufe wata ka adana jimlar cinikin watan a wani tebur na daban. Duk lokacin da rahoto zai fita, ya sake lissafa watannin da aka rufe ya gwada da abin da aka adana. In sun bambanta ko da santi ɗaya ne, ya tsaya ya faɗi wane wata ne. Ya kuma ƙirga layuka kafin haɗawa da teburin farashi da bayan haɗawa. In sun ragu, cinikin ranar hutu ya zube, in sun ƙaru, akwai ranar da ke da farashi biyu a tebur, kowane ciniki na ranar ya shiga sau biyu. Sannan a saman rahoton a nuna jimlar dala da dala, jimlar yuro da yuro, kafin jimlar da aka juya, domin waɗannan biyun ne za a iya gwadawa kai tsaye da takardar banki. A misalinmu, Maris zai nuna yuro 40,000 da dala 10,000, jimla a littafi 49,259.26, asarar canji 168.35 a layinta, kuma haka zai nuna ko a Disamba aka buɗe shi.